Abincin Tekawe da na Aike: Yadda Ake Sa Masa Farashi, a Ɗaure Shi Ya Isa da Zafi

Wannan bayani na masu sayar da abinci ne da suka fara karɓar oda ta waya, ko suke shirin farawa: Hajiyoyin da ke tuwo da shinkafa a Sabo, masu tsire da balangu a bakin kara, da matasan da ke sa hoton girkinsu a WhatsApp. Misalin da zan bi na Kafanchan ne, domin nan na sani. Babanmu fataucin shanu yake yi, ni kuma ina riƙe wa yayata littafin shagon abincinta, ni ke sayo mata nama, ni ke sallamar 'yan acaba. Amma lissafin ɗaya ne ko a Agege kake, ko Shagamu, ko Anaca, ko Fatakwal.

Maganar a taƙaice ita ce, kwanon da aka ci a shago da wanda aka ɗaure aka aika ba haja ɗaya ba ce, ko da daga tukunya ɗaya aka zuba su. Duk ɗan fatake ya san kuɗin sa a Legas ba kuɗinsa na kara ba ne da 'yar riba a kai. Akwai mota, akwai masu rakiya, akwai ramar da zai yi a hanya. Abincin aike ma haka yake: yana da kuɗin hanya, kuma yana ramewa a hanya, sai dai shi ramarsa hucewa ce.

Kafanchan da masu odarta

Kafanchan na cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma gari ne da ya bunƙasa saboda mahaɗar jirgin ƙasa tun wajen 1927. Masu yin odar abinci a garin yawancinsu 'yan albashi ne da ɗalibai: ma'aikatan babban asibiti da ke kan aiki ba su da damar fita, ma'aikatan banki, ɗaliban makarantar koyon aikin jinya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna, sai kuma na Kwalejin Ilimi da ke Gidan Waya. Oda takan zo ta kira ko ta WhatsApp, a biya ta tiransifa, a ba ɗan acaba ya kai. Wato mai abinci ita ce ke yanka farashi, ita ke ɗaurewa, ita ke neman mai kaiwa, kuma in abu ya lalace a kanta zai ƙare.

Yanayin garin ma yana cikin lissafi. Damina a Kudancin Kaduna tana da tsawo da ruwa mai yawa, daga wajen Afrilu har Oktoba, ta fi kama da taku ta Kudu a kan ta Kano. A Disamba da Janairu kuma hunturu na busowa ta wajen duwatsun Kagoro, abincin da ke bayan babur ya huce nan da nan.

Nawa kwano ɗaya ya tsaya miki?

Kafin a yi maganar roba ko acaba, sai an san kuɗin abincin kansa. Bari mu ɗauki tukunyar dafa-duka da nama. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ki cire su ki sa farashin kasuwarku na yau.

A ce an dafa shinkafa kilo 6. Na ce kilo ban ce mudu ba, saboda mudun wani gari ba na wani ba ne, ga tiya, ga kongo na Ibadan. Ki ɗora mudunki a sikeli sau ɗaya ki san nauyinsa, shi ke nan kin huta. Shinkafa in ta dahu takan ninka nauyinta kusan sau biyu da rabi zuwa uku, don haka kilo 6 zai ba da wajen kilo 16 dafaffe. In kowane kwano giram 400 ne, kwano 40 ke nan.

Ga abin da tukunyar ta ci:

- Shinkafa kilo 6: naira 9,000
- Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa: naira 6,000
- Man gyaɗa, ɗunƙule, gishiri da kayan ƙamshi: naira 5,000
- Gawayi ko gas: naira 3,000
- Niƙa, ruwa da kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa: naira 2,000
- Naman sa kilo 4: naira 26,000
- Ladan yarinyar da ke taya aiki da rabon hayar shago na rana: naira 5,000

Jimla naira 56,000. Ku lura, nama kaɗai ya kusa cinye rabin kuɗin. Shi ya sa ake yanka shi da ƙidaya, ba da ido ba. Kilo 4 in aka yanka giram 50 kowace tsoka zai ba da tsoka 80, biyu a kowane kwano. Nama in aka tafasa aka soya yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, to tsokar da kika ga ƙatuwa a ɗanye za ta tsuke a cikin mai. Nan ne hannu ke kai wa ga ƙara ta uku don kunya. In kina ganin tsokar ta yi ƙanƙanta, ki gyara yankan tun a wurin mahauci, ki gyara farashi, kada ki gyara a bakin tukunya.

Yanzu kuma kada a raba 56,000 gida 40. Tukunya ba ta taɓa sayuwa duka. Akwai ƙanzo, akwai abin da masu aiki suka ci, akwai na almajiri, akwai wanda ya yi kwantai. A ce 35 aka sayar. Naira 56,000 a raba gida 35, kowane kwano ya tsaya a naira 1,600. In ana sayar da shi naira 2,000 ga wanda ya zauna ya ci, ribar naira 400 ce. Wannan 400 ɗin ita za mu bi mu ga inda take shiga.

Inda ribar ke zurarewa

Wanda ya ci a shago, kwanon ya dawo a wanke. Wanda ya ce a ɗaure masa, ya tafi da kayan da kika saya da kuɗi. A ce robar mai murfi naira 150, ƙaramar robar salak ko miya 50, cokali 20, leda 30, tishu da ɗan salatif 20, sai kati da data na amsa odar 30. Naira 300 ke nan. Ko kowanne ƙarami ne, haɗuwarsu ta cinye kashi uku cikin huɗu na ribar.

Abu na biyu shi ne wanda ba a cika gani ba. Robar tekawe ta fi faranti zurfi. Giram 400 a faranti tsibi ne, amma a roba mai cin lita ɗaya sai ka ga kamar ba a zuba komai ba. Mai zubawa sai ta ƙara ludayi don ya cika ido, abinci ya koma giram 500. A tukunyarmu, in aka cire nama da lada da haya, shinkafa da kayan haɗinta sun tsaya wajen naira 700 a kwano, to ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu kusan naira 180 ne. A haɗa da 300 na kayan ɗauri, 480 ke nan an cire daga ribar 400. Wato duk robar da ta fita a naira 2,000, an yi faɗuwar naira 80, tun ba a kira ɗan acaba ba. In kuma aka ce “kaiwa kyauta ne” aka biya shi naira 500, faɗuwar ta zama 580.

Alamar wannan ciwo a bayyane take. Waya ba ta daina ƙara, tukunya na ƙarewa da wuri, kowa na cewa kasuwa ta buɗe, amma da safe kuɗin cefane ba ya cika sai an ciro daga wani wuri. In kin ga haka, ba sata ake miki ba, uwar kuɗi ce ke fita a cikin roba.

Maganin ƙarin ludayi shi ne a sayi robar da ta yi daidai da awon abincin, a ce mai cin mililita 650 ko 750, sannan a ware ludayi ɗaya na awo, kowa ya san ludayi nawa ne roba ɗaya. Ƙaramar roba da ta cika ta fi babba da ta tsaya rabi kyan gani, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, ta fi ta riƙe zafi.

Akwai kuma asarar hanya. Wata rana miya za ta zube, wata rana ɗan acaba zai je ya tarar da waya a kashe, wata rana ruwa zai tsare shi har abinci ya yi sanyi a dawo da shi. Ki duba littafinki ki ga sau nawa hakan ke faruwa. In a cikin oda 20 ɗaya ke lalacewa, sauran 19 ne za su ɗauki nauyinta. Roba ɗaya ta tsaya 1,600 da 300, wato 1,900, a raba wa 19, kowace ta ɗauki naira 100.

Ke nan ainihin kuɗin robar aike naira 2,000 ne: 1,600 abinci, 300 ɗauri, 100 asarar hanya. Don ribar 400 ta tsaya yadda take, farashin ya zama naira 2,400, ban da kuɗin kaiwa. Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a ɗaure masa, babu asarar hanya a kansa, 2,300 ya isa. Wanda ya zo da kularsa daga gida, a ba shi a 2,000, don bai ci miki roba ba.

Kuɗin kaiwa a ware shi daban

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin acaba ya daina zama wuri ɗaya. Duk wanda ya cusa kuɗin kaiwa a cikin farashin abinci, to kullum fetur ya motsa sai ya zaɓi ɗaya: ko ya ƙara wa kowa kuɗi har da maƙwabcinsa da ke tsallaken titi, ko ya yi shiru ya ci asara. Shi ya sa ya fi a faɗa wa mai oda abu biyu a rarrabe, “Abinci 2,400, kaiwa 500.” Mutane sun san kuɗin acaba na garinsu, ba sa gardama a kansa in an faɗa musu tun farko. Abin da ke kawo rigima shi ne a faɗa bayan an iso ƙofar gida.

Kada kuma a tsaya ciniki da ɗan acaba a kan kowace oda alhali abinci na hucewa a kan tebur. A raba gari zango-zango, a yi magana da mutum biyu ko uku da aka sani, a tsayar da kuɗin kowane zango na sati ko na wata. A Kafanchan zangon farko shi ne cikin gari, kasuwa da bankuna da wajen tashar jirgi da asibiti. Na biyu unguwannin gefe, irin su Takau da Katsit da Aduwan. Na uku shi ne Kagoro da abin da ya yi kama da nisanta. Ku tuna ɗan acaba da ya kai abinci bayan gari sau da yawa wayam zai dawo, don haka kuɗin zuwa da dawowa yake lissafawa, kuma yana da gaskiya.

Inda ribar aike take da gaske shi ne a haɗa oda. Naira 500 a kan roba ɗaya nauyi ne, ya haura kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin abincin. Amma in ma'aikata biyar a ofis ɗaya suka haɗu, kowa naira 100 ya biya. Abin da muke yi shi ne sa lokaci: odar rana a turo kafin ƙarfe 12, babur ya tashi 12 da rabi, ya bi layi ɗaya ya sauke. Na nesa kuma a sa musu ƙa'ida, ba a kai ƙasa da roba uku ko huɗu. Wurare irin Gidan Waya, Zonkwa ko Kwoi sun wuce aikin roba ɗaya a babur. Waɗannan sai odar taro, a cika babbar kula a ba motar haya, a biya kuɗin kujerarta.

A biya kafin a zuba. Kuma a duba kuɗin a cikin asusu, ba hoton rasit da aka turo ba, domin hoto ana haɗa na ƙarya. Tsohon kwastoma da aka sani ana iya ɗaga masa ƙafa, amma sabuwar lamba da ta ce “in ya iso zan biya” ita ce ke cika shafin asarar hanya.

Ku da ke Legas da Ibadan, wasunku na sa abinci a manhajojin aike irin su Chowdeck da Glovo, waɗanda ke cire kasonsu daga kuɗin abinci. A nan akwai lissafin da ke ruɗa mutane. A ce yarjejeniyarku kashi 20 cikin 100 ce, kuma kina son naira 2,400 ta shigo hannunki. In kika ɗora kashi 20 a kan 2,400, kin sa 2,880. Su kuma za su cire kashi 20 na 2,880, wato 576, a bar miki 2,304, kin yi ƙasa da kusan naira 100. Daidai shi ne a raba 2,400 da 0.8, ya ba da 3,000. Kashi 20 na 3,000 shi ne 600, saura 2,400 cif. Kuma ko kina kan manhaja, ki riƙe lambobin kwastomominki da hanyar kaiwa taki. A Disamban 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka rufe harkar kai abinci a Najeriya, wanda ya dogara da su kaɗai ya wayi gari babu hanyar da oda za ta same shi.

Zafi: me ake nufi, kuma ta ina yake gudu

Zafin abinci ba maganar daɗi kaɗai ba ce. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos har a ci, kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa ta fi hatsari a nan, domin akwai wata ƙwayar cuta da irinta ke jure dahuwa. In shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba mai sa amai, kuma ɗumamawa ba ya kashe wannan gubar. Saboda haka robar da aka dawo da ita bayan awanni ba ta komawa tukunya.

Ma'aunin zafi na abinci, mai tsinke, ba shi da tsada, kuma ya kamata a ce kowane shago na da shi. In babu, nama zai gaya maka. Kitsen sa yana fara daskarewa ne a wajen digiri 40, na rago ma yakan riga shi. In ka buɗe roba ka ga maiƙo ya yi fari a gefen nama, ko ka ci balangu ka ji yana manne maka a ganɗa, abincin ya daɗe da sauka ƙasa da 60.

Zafi na gudu ta hanya uku. Na farko, abu kaɗan ya fi saurin hucewa a kan mai yawa, shi ya sa tukunya ke kaiwa la'asar da zafi amma roba ɗaya ba ta kaiwa. Na biyu, iskar da ke cikin roba: duk sararin da aka bari tsakanin abinci da murfi, tururi ne zai tashi ya cika shi, ya taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗiga a kan shinkafa. Ta huce, kuma ta jiƙe. Na uku, iskar hanya. Ledar da ke rataye a hannun babur tamkar an sa ta gaban fanka ne.

Daga nan ake gane yadda za a ɗaure. A zuba daga tukunyar da ke kan wuta, ba daga wadda aka sauke tun ɗazu ba, kuma sai ɗan acaba ya iso ko ya kusa. A cika roba, a bar sarari kamar kaurin yatsa. A rufe nan take, a zagaya bakin murfin da salatif, wanda ke hana zuba kuma ke nuna wa mai oda ba a buɗe a hanya ba. Sannan a sa a kula. Kular nan a fara zuba mata ruwan zafi, a rufe minti biyar zuwa goma, a zubar a goge, domin kula mai sanyi zafin abincin za ta fara sha kafin ta riƙe shi. A jera robobin manne da juna, in akwai sarari a cusa tawul mai tsabta. A ɗaure kular a kwance a bayan babur da robar taya, a rufa mata leda in damina ce. Kular taki ce, ki saya ki rubuta sunan shago a jiki, kada ki jira ɗan acaba ya zo da tasa.

Wajen zaɓen roba, a juya gindinta. Wadda ke da lamba 5 a cikin alama mai kusurwa uku, ko haruffan PP, tana jure abinci mai zafi kuma murfinta na kamawa. Farar nan mai kama da soso tana riƙe zafi ba laifi kuma ta fi araha, amma bakinta ba ya rufuwa, miya na bi ta gefe, mai mai zafi kuma yana cin jikinta. Ban da haka, gwamnatin Legas ta haramta ta tun Janairun 2024, wasu jihohin ma sun bi sahu. Wanda ke can ya fitar da ita daga lissafinsa gaba ɗaya.

Kowane abinci da ɗaurinsa

Tuwo shi ne sarkin tafiya. Malmala a dunƙule take, babu iska a cikinta, in aka naɗe ta da zafinta aka jera a kula takan daɗe ba ta huce ba. Matsalarsa miya ce. Kuka da kuɓewa da taushe duk a zuba su a robarsu daban mai murfi mai kamawa, a sa naman a cikin miyar don ta riƙe masa zafi. Kada a haɗa tuwo da miya a roba ɗaya, kafin a isa ya sha ta ya saki jiki. Shinkafa da miya ma haka, kowa da mazubinsa.

Masa, ƙosai, soyayyen dankali da doya su kuma akasin haka suke so. Abokin gabarsu tururi ne. In aka toshe su a roba, gefen nan mai ƙaras-ƙaras zai yi laushi cikin 'yan mintuna. A bar su su sha iska minti ɗaya ko biyu, a shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasa, a huda murfin wuri biyu ko uku. Hudar tana sa su huce da wuri, don haka waɗannan abincin zangon farko ne. In mai oda na Kagoro ya nemi dankali, gara a gaya masa gaskiya a ba shi shawarar wani abu.

Tsire da balangu a naɗe su a takardar foyil daga kan wuta, sannan a ƙara takarda mai kauri a waje. Tsohuwar jarida da takardar buhun siminti ba su dace su taɓa nama ba, mai yana narkar da tawada ya kwaso datti. Albasa da tumatir da kabeji a ƙulla su daban, yaji ma daban. In aka haɗa, albasa ta saki ruwa, ta sanyaya naman, ƙuli-ƙulin jikinsa ya zama taɓo.

Abin sanyi kuma ba ya shiga kular zafi. Salak mai mayonis, zoɓo, kunun aya, fura da nono, duk a ledarsu daban a wajen kula. Gorar zoɓo mai sanyi ɗaya a tsakiyar robobi ta isa ta ɓata duka biyun: shinkafa ta huce, zoɓo ya yi ɗumi, shi kuwa kunun aya da ya ji ɗumi ba ya jimawa yake tsami.

Gwajin da ke nuna iyakar zangonki

Iyakar inda za ki kai abinci ba kilomita ke yanke ta ba, minti ne, daga rufe murfi zuwa buɗe shi. Kuma kowane shago zai iya auna nasa. Ki zuba roba uku kamar na oda, ki sa a kula yadda kika saba, ki ba ɗan acabanki ya yi aikinsa da su a baya. Ki buɗe ɗaya bayan minti 20, ɗaya bayan 40, ɗaya bayan awa guda, ki soka ma'auni a tsakiya ki kuma ɗanɗana. Lokacin da ya sauka ƙasa da 60, ko maiƙo ya fara kamawa, nan ne iyakarki. Ki maimaita gwajin da hunturu, don amsar za ta canza.

Cikin mintunan nan har da na neman gida da na jira a bakin get. Yawancin abincin da ke isa da sanyi ba gudun babur ne ya gaza ba, tsayuwa ce. Don haka a karɓi kwatance tun wajen oda, da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko coci ko gidan mai, a rubuta suna da lamba a jikin murfi, a kira mai oda lokacin da babur ya tashi don ya fito. Ku na Legas sai ku yi lissafin cunkoso a maimakon nisa, don unguwar da ke kusa da ƙarfe 11 na safe ta yi nisa da ƙarfe 5 na yamma.

Lokuta biyu a shekara suna bukatar shiri na musamman. Da azumi, oda duka a lokaci ɗaya take son isa, dab da shan ruwa, su ma 'yan acaban suna son su sha ruwa a gida. A rufe karɓar oda tun la'asar, a tashi babur da sauran lokaci. A ƙarshen Disamba kuma Kafanchan kan cika da 'yan gari da suka dawo Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu. Oda na ƙaruwa, kuɗin acaba na tashi, ga sanyi. A wannan makon a sake magana da masu kaiwa, a sanar da sabon kuɗin zango tun kafin a fara, a kuma rage nisan da ake zuwa.

Abu na ƙarshe, lissafin tukunya ba a yinsa sau ɗaya a ajiye. Duk ranar da nama ko shinkafa ko dilar roba ta canza kuɗi, a zauna da biro a sake shi daga sama: abin da tukunya ta ci, a raba da kwanon da aka sayar da gaske, a ɗora ɗauri, a ɗora asarar hanya, sannan riba. Kuɗin kaiwa kuma ya tsaya a layinsa. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mana masu kaiwa a hanya.